Takardar da Ba a Mannawa a Allon Talla

A shekarar 1962, kamfanin ba da hayar motoci na Avis da ke Amurka yana cikin tsaka mai wuya. Ya shafe shekara 13 a jere bai ga riba ba, kuma babban abokin gogayyarsa, Hertz, ya yi masa fintinkau a kasuwa. Sabon shugaban kamfanin, Robert Townsend, ya kai kukansa ga wani kamfanin talla na birnin New York mai suna Doyle Dane Bernbach. Abin da ya fito daga wannan haɗuwa ya ba mutane mamaki, domin Avis ya fito fili ya shaida wa duniya cewa shi ne na biyu. Tallan ya ce tunda ba shi ne na ɗaya ba, ba shi da damar sakaci: dole a share mota tas, a cika tankin mai, a tabbatar abin goge gilashi yana aiki, kuma layin jira a teburinsa ya fi gajarta. Aka taƙaita wannan duka a take mai kalma uku na Turanci, wanda ma'anarsa ita ce "mun fi dagewa". Wata marubuciyar talla mai suna Paula Green ce aka fi danganta taken da ita. Cikin shekara guda, kamfanin da ya yi asarar dala miliyan 3.2 ya ci ribar dala miliyan 1.2.

Yawancin masu ba da wannan labari a kan taken suke tsayawa, kamar kalmomin uku ne suka ceci kamfanin. Amma kafin a rubuta su, an riga an yanke wata shawara mai wuya. An amince cewa Avis ba zai ƙara yin da'awar ya fi kowa ba. An zaɓi wanda za a yi wa magana, wato matafiyin da ya sauka daga jirgi a gajiye, yana son mota mai tsabta ba tare da ɓata lokaci ba. An ambaci wanda ake gogayya da shi. An kuma gyara aikin cikin gida har ya dace da abin da za a faɗa. Wannan shawara, idan aka rubuta ta a jimla ɗaya ko biyu, ita ce masana kasuwanci ke kira bayanin matsayi. Take kuwa muryar da ake sanar da ita ce a bainar jama'a.

Mutum biyu ne suka fi yayata wannan tunani, Al Ries da Jack Trout, a jerin maƙalolin da suka buga a mujallar Advertising Age a 1972, sannan a littafinsu na 1981 kan matsayi. Hujjarsu mai sauƙi ce. Talla ya yi wa mutane yawa, ƙwaƙwalwa kuma ba ta riƙe komai da komai. Idan aka ambaci wani nau'in haja, suna biyu ko uku ne ke faɗo wa mutum a rai, kowanne da gurbinsa: wannan shi ne mai araha, wancan shi ne mai ƙarko, ga kuma na masu hannu da shuni. Tambarin da bai zaɓi gurbinsa ba, ko dai masu saye su ba shi wanda bai so, ko su manta da shi kwata-kwata. Su biyun sun kuma nuna yadda Avis da kansa ya taɓa kauce wa hanya bayan ya samu nasara, inda ya fitar da talla mai cewa zai zama na ɗaya. A ganinsu, wannan burin kamfani ne aka tallata, alhali gurbin da jama'a suka riga suka ba shi a zukatansu na mai dagewa ne.

Bambancin farko tsakanin abubuwan biyu shi ne wanda aka rubuta wa. Take na mai saye ne. Ana so ya yi daɗin faɗi, ya zauna a baki, ya shiga rediyo da jikin a-daidaita-sahu, shi ya sa ba ya wuce kalma uku zuwa shida. Bayanin matsayi na mutanen gida ne: mai kamfani, masu sarrafa kaya, masu sa farashi, dillalai, da wanda za a ba aikin tsara talla. Ba a buƙatar ya yi zaƙi. Yana iya kaiwa kalma arba'in ko hamsin, yana iya ambaton sunan abokin gogayya ƙarara, yana iya faɗin wanda ba a nufa da hajar, abubuwan da ba wanda zai manna a bakin titi. Bambanci na biyu shi ne aikin da kowanne ke yi. Take yana tunatarwa ne. Bayanin matsayi yana yanke hukunci, domin gare shi ake komawa idan gardama ta tashi kan girman leda, ko farashi, ko unguwar da za a buɗe sabon shago.

Tambayoyi huɗu

Kusan duk wani tsari da ake koyarwa a makarantun kasuwanci yana zagaye tambayoyi huɗu ne. Wa ake nufi da wannan haja, kuma mene ne damuwarsa? Da me yake kwatanta ta, wato me zai saya in ba ta nan? Wane abu guda take yi masa wanda sauran ba sa yi? Mece ce hujjar da za ta sa ya yarda?

Madarar Cowbell ta nuna yadda amsoshin ke haɗuwa. Lokacin da kamfanin da ake kira Promasidor a yau ya shigo Najeriya a 1993, madara kayan gwangwani ce. Peak ta riga ta kafu tun shekarun 1950, kuma mai son madara sai ya tara kuɗin gwangwani guda. Idan ta ruwa ce, da an huda ta sai a shanye da wuri, domin gidan da babu firji ba za ta daɗe ba. Cowbell ta zo da garin madara a ƙananan ledoji, an maye gurbin kitsen madarar da man tsirrai, abin da ya rage tsada ya kuma sa ta jure zama a kanti. Duk wanda ya dubi abin da kamfanin ya aikata zai iya karanto matsayinsa: ga iyalin da ke cin abin da aka samo a ranar, waɗanda gwangwani ya fi ƙarfin aljihunsu, wannan ita ce madarar da za a saya da kuɗin da ke hannu yau, domin ledar ta shayi ɗaya ce kuma ba ta neman firji.

Taken da yara suka haddace daga talabijin bai ambaci leda ko firji ko talauci ba. Ya kira ta "madararmu" ne kurum. Wannan hikima ce, domin ba wanda yake so a tallata masa kaya da cewa an yi su ne don marasa hali. Bayanin matsayi ya faɗi gaskiyar a cikin gida, take kuma ya suturta ta a waje. Amma da an fara da taken ba tare da ledar ba, da kalmar ta tafi a iska, domin kowace madara tana iya cewa ita ta kowa ce.

Yadda ake rubutawa

A ɗauki misalin wani mai injin gyaran shinkafa a yankin Kura, wanda ya sayi na'urar cire tsakuwa, ya buga buhu mai ɗauke da sunansa, yana son ya shiga kasuwannin Kano. Idan aka ce ya rubuta matsayinsa, abin da zai fara fitowa kusan sananne ne: shinkafa mai inganci, mai daɗi, mai araha, domin kowa da kowa. Wannan jimla ba ta da ƙarya a ciki, amma ba ta da amfani. Hanyar ganewa ita ce a cire sunansa a sa na maƙwabcinsa. Idan jimlar ta zauna daram ba abin da ya canza, to ba ta bayyana matsayin kowa ba. Wannan gwaji shi ne mafi arha kuma mafi saurin tona asirin rubutun da bai nuna ba.

Gyaran ba a kan tebur yake farawa ba. Mai injin zai zauna da mutum goma ko goma sha biyar daga cikin waɗanda suka saya suka sake dawowa, ya yi musu tambaya uku. Me kuke saye kafin ku zo nan? Me ya sa kuka canza? Idan injin nan ya rufe gobe, ina za ku koma? Kada ya tambaye su ko shinkafar tana da kyau, domin kunya da kara za su sa kowa ya ce madalla. Tambayar ƙarshe ita ce ta fi tsada, saboda ita ke fito da abokin gogayya na gaskiya, wanda sau da yawa ba shi ne wanda mai kaya ke zato ba. Mai injin yana iya ɗauka da shinkafar waje yake karawa, sai ya tarar masu sayensa daga shinkafar awo ta kasuwa suka baro.

A ƙaddara cewa hirar ta nuna yawancin masu dawowa mata ne masu sayar da abinci a tasha da bakin ma'aikatu, waɗanda ke dafa rabin buhu ko buhu guda a rana. Damuwarsu ba ƙamshi ba ce ko tsawon ƙwaya. Damuwarsu ita ce tsinta. Shinkafar awo ta fi sauƙin kuɗi, amma sai an zaunar da yarinya ko biyu tun asuba suna tsince tsakuwa da ɓuntu, kuma duk da haka idan haƙorin mai ci ya gamu da dutse sau ɗaya, ƙila ba zai sake zama a wannan benci ba. Nan ne gurbin yake. Rubutu na biyu zai iya zama kamar haka: Ga masu sayar da abinci a Kano da ke dafa shinkafa mai yawa kullum, waɗanda tsintar tsakuwa ke cinye musu safiya, wannan ita ce shinkafar gida da ake zubawa a tukunya ba tare da tsinta ba, saɓanin ta awo, domin tana bi ta na'urar cire tsakuwa sau biyu, kuma duk buhun da aka samu dutse a ciki ana musanya shi.

Jimlar tana da tsawo, ba kuma za ta hau waƙa ba. Amma a dubi abin da ta yanke. Ta ce babban buhu mai kilo 50 da mai kilo 25 su ne kan gaba, ƙaramar leda mai ado ta jira tukuna. Ta ce a kai kaya da sassafe ko da yamma, lokacin da masu abinci ke da sararin karɓa. Ta ce kuɗin talla ya tafi wajen ba manyan masu abinci buhun gwaji da sanarwar rediyo ta safe, maimakon katafaren allo a hanyar filin jirgi. Ta ba da hujjar ɗora wani abu a kan farashin ta awo, matuƙar ƙarin bai kai ladan masu tsinta ba. Ta kuma ɗora wa ma'aikacin da ke kan na'ura nauyin da ya gane, domin ya san cewa ranar da ya tsallake zagaye na biyu don sauri, ya karya alkawarin da aka gina kasuwancin a kai.

Akwai kuma abin da jimlar ta sa aka haƙura da shi, kuma a nan ne yawancin masu kasuwanci ke ja da baya. Mai injin ya yarda cewa shi ba mafi araha ba ne. Ya yarda cewa uwar amarya mai neman shinkafar ƙawa ta biki ba ita yake bi ba, ko da yake in ta zo da kuɗinta ba zai kore ta ba. Tsoron da ke kama mutum a wannan gaɓa gaskiya ne, domin yana ganin kamar da hannunsa yake rage kasuwarsa. Shi ya sa ake ta cusa "da" a cikin jimla: mai tsabta da araha da daɗi da auki. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma a wannan fage haka abin yake. Ƙidaya alkawuran da ke cikin bayanin matsayi hanya ce ta biyu ta gane lafiyarsa. Idan sun wuce ɗaya, da wuya mai saye ya riƙe ko guda.

Sai bayan an gama wannan duka ake neman take. Yanzu aikin ya yi sauƙi, domin an san wa ake yi wa magana da abin da ake so ta riƙe. Wani abu kamar "Wanke kawai, ki zuba" ya isa. Kalma huɗu ne, da harshen mai tukunya, kuma ba su ambaci na'ura ko musanya ba. Idan bayan shekara biyu taken ya gundure mutane, ana iya sauya shi da wani ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya a bayanin matsayin ba.

Ɓangaren hujja ya cancanci a ƙara tsayawa a kansa, domin shi ake yawan tsallakewa. Kalmomi irin su "inganci" da "aminci" ba hujja ba ne, da'awa ce. Hujja abu ne da mai saye zai iya gani ko ya gwada. Motocin Volvo sun shafe shekaru masu yawa suna riƙe da gurbin kariya daga haɗari a zukatan mutane, kuma tushen wannan suna aiki ne da aka gani: a 1959 injiniyan kamfanin, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro bel ɗin kujera mai maƙala uku da ake amfani da shi a motoci har yau, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da fasahar. Take iri-iri sun zo sun wuce a tallan Volvo, gurbin bai motsa ba. Mai injin Kura ba shi da irin wannan tarihi, amma alkawarin musanya buhu hujja ce ta gidansa, kuma tana da farashi. Idan ba zai iya ɗaukar asarar buhunan da za su dawo ba, gara kada ya rubuta shi, domin masu abinci suna magana da juna, kuma labarin alkawarin da aka saɓa ya fi kowane talla saurin zagaya tasha.

Ranar da bambanci ya daina zama bambanci

Bayanin matsayi ya fi take tsawon rai, amma shi ma yana tsufa. Abin da ke tsufar da shi ba gajiyar masu sauraro ba ce, motsin abokan gogayya ne. Tarihin Bankin Jaiz ya nuna haka a fili. Lokacin da ya buɗe ƙofa a watan Janairun 2012 da rassa uku a Abuja da Kaduna da Kano, matsayinsa ba ya buƙatar dogon bayani: ga mutumin da ke guje wa bankuna saboda kuɗin ruwa, ga cikakken banki da ba ya karɓa ba ya kuma bayarwa. Taken da ya daɗe yana amfani da shi maganar kyautata rayuwa yake yi, bai ambaci kuɗin ruwa ba, duk da haka kowa a Arewa ya san abin da ya bambanta shi. Sai TAJ ya fara aiki a 2019, Lotus ya biyo baya a 2021. Daga nan rashin kuɗin ruwa ya tashi daga abin da ya keɓanta da banki ɗaya, ya koma sharaɗin shiga fagen. Mai ajiya yanzu ba ya tambayar wane ne ba ya cin ruwa, yana tambayar wane ne cikinsu manhajarsa ba ta tsayawa, wane ne ke da reshe kusa da kasuwarsa, wane ne ke saurin saya masa kayan sana'a ya biya a hankali. Kowanne cikin bankunan sai ya sake amsa tambaya ta uku da ta huɗu.

Haka ta faru da ledar madara, domin manyan kamfanoni, har da masu Peak, sun fito da nasu ƙananan ledojin. Haka kuma za ta faru da mai injin Kura, saboda na'urar cire tsakuwa ba sirri ba ce, duk mai kuɗi zai iya sayowa. Alamar farko da zai gani ita ce masu abinci sun daina ambaton tsakuwa idan suna ciniki, sun koma maganar farashi kaɗai. Alama ta biyu ita ce idan ya kira ma'aikatansa uku ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su dalilin da zai sa a sayi shinkafarsu a bar ta wani, ya samu amsa uku mabambanta. A lokacin ne ya kamata ya koma wajen masu dawowa da tambayoyinsa uku. Mai yiwuwa ya tarar abin da ke riƙe su yanzu shi ne buhunsa yana cika kilo 50 cif a kan sikeli, ko kuma motarsa ba ta taɓa saɓa ranar kawo kaya ba. Idan haka ne, tambaya ta ɗaya tana nan yadda take, masu abincin ne dai, amma abokin gogayya ya koma sauran injina masu irin na'urarsa, kuma alkawarin da hujjarsa za su koma kan sikeli ko kan ranar isowar mota.